Wa ke shan datarka cikin dare? Yadda ake gane baƙo a wayifai da kwamfutar da aka mallake



Shugaban wannan zama, malamaina, ɗalibai, da 'yan uwa masu shagunan kwamfuta da na ga sun cika layukan baya, ina yi muku barka da zuwa.

Duk wanda ke aikin gyaran kwamfuta ko haɗa intanet ya san ƙorafin da ya fi kowane yawa a bakin masu kawo aiki: "Data tana ƙarewa ba gaira ba dalili." Daga nan sai zargi ya biyo baya. Wani ya ɗora wa kamfanin sadarwa, wani ya ɗora wa yaron shago, wani kuma ya kafe cewa maƙwabcinsa ne. Hausawa dai sun ce zato zunubi ko da ya zama gaskiya, kuma a wannan fanni zato yakan jawo asarar kuɗi ma, domin mutum ya canza layi ko ya sallami yaro, bayan mako guda matsalar ta dawo. Abin da nake so ku tafi da shi yau shi ne cewa kowane mai shan data yana da salon shansa, kuma ana iya auna wannan salo da kayan da ke hannunku. Baƙon da ya samu kalmar sirrin wayifai yana sha ta wata siga, kwamfutar da muguwar manhaja ta shiga tana sha ta wata siga daban, sannan akwai masu sha na halal da ake yawan yi wa ƙazafi.

Mu fara da ɗan lissafi, don shi ne ke nuna girman abin. Saurin layi ana auna shi da megabit a daƙiƙa, ita kuwa datar da kuke saya ana auna ta da megabait da gigabait, kuma bit takwas ne ke yin bait ɗaya. Idan wani abu yana jan megabit 1 kacal a kowace daƙiƙa ba tare da tsayawa ba, zai ci megabait 450 a awa guda. A yini da kwana ya ci gigabait 10.8, a kwana 30 kuwa ya haura gigabait 320. Megabit 1 bai isa ya sa bidiyonku ya tsaya ba a layi mai kyau, don haka ba za ku ji shi a jikinku ba, sai dai ku gan shi a aljihu. Shi ya sa jinkirin intanet shi kaɗai alama ce mai rauni. Wanda ya iya sata ba ya cika layi, kaɗan-kaɗan yake ɗiba, amma ba ya hutawa.

Abu na biyu da za ku riƙe shi ne cewa data hanya biyu take bi: akwai mai shigowa, akwai mai fita, kuma kamfanonin wayar salula duka biyun suke cirewa daga abin da kuka saya. Mutumin da ke kallon bidiyo ko karanta labarai, mafi yawan datarsa mai shigowa ce. Abin da ke fita daga wurinsa ɗan ƙanƙani ne, sau da yawa bai kai kashi ɗaya cikin goma na mai shigowa ba. Saboda haka duk lokacin da kuka ga mai fita ta yi yawa, kuma babu wanda ke tura manyan fayil ko kiran bidiyo, to wannan ita ce alama mafi ƙarfi a duk abin da zan faɗa yau.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. Ku ƙaddara shagon buga takardu da cike fom a intanet, irin waɗanda ke kewaye da ƙofofin manyan makarantu. Yana da kwamfuta huɗu, firinta ɗaya mai wayifai, akwatin naɗar hoton kyamarorin tsaro, da wayoyi uku: ta mai shago da ta yaransa biyu. Na'urori tara ke nan. Akwai rauta mai ɗaukar sim, kuma da yake shagon yana da sola, ba a kashe rautar da daddare, haka ma kwamfutar kan tebirin mai shago. A da yana sayen gigabait 300 ta kai shi ƙarshen wata. Yanzu kwana goma take yi.

Matakin farko ba ya buƙatar wata manhaja. Mai gidan da ke zargin bututun ruwansa na yoyo yakan rufe dukkan famfuna ya tsaya ya ga ko mita na ci gaba da juyawa, to haka za a yi a nan. Kowace rauta tana da shafin kula da ita, ana shiga ta burauza da adireshin da aka rubuta a bayanta ko a ƙarƙashinta, galibi `192.168.0.1` ko `192.168.1.1`, wasu ƙananan na'urorin sim kuma `192.168.8.1`. A cikin shafin akwai wurin da ke nuna jimillar abin da ya shiga da abin da ya fita, ana rubuta masa `Statistics` ko `Traffic` ko `Data usage`. Da ƙarfe 9 na dare, bayan an tashi, mai shago ya rubuta lambobin biyu a takarda. Da ƙarfe 7 na safe, kafin kowa ya taɓa komai, ya sake rubutawa. Ku lura, idan rautar ta mutu a tsakani, wasu sukan share lissafin su fara daga sifili, don haka a duba tsawon lokacin da ta yi a kunne kafin a yarda da lambar.

A misalinmu, cikin awa 10 da babu kowa a shago, gigabait 4.6 ta shigo, gigabait 4.3 ta fita. Ku tsaya a kan waɗannan lambobi biyu, don sun riga sun faɗi rabin labarin. Da a ce sabunta manhajar Windows ce, da mun ga mai shigowa da yawa, mai fita kaɗan, kuma da daren gobe ba za ta maimaita ba. Da baƙo ne yake kallon fim daga bayan katanga, nan ma mai shigowa ce za ta rinjaya. Da waya ce take kwashe hotuna zuwa ma'ajiyar Google Photos ko kwamfuta tana tura fayil zuwa OneDrive, da mai fita ce kawai za ta yi yawa, kuma ta tsaya idan ta gama. Amma a nan shiga da fita sun kusa daidaita. Abin da ke haifar da haka shi ne na'urar da ke karɓo kaya daga wani wuri ta miƙa shi wani wuri, wato ta zama 'yar aike. Zan dawo kan wannan. Idan muka haɗa, gigabait 8.9 a awa 10 ya kama kusan gigabait 21 a yini da kwana. A ɗora a kan gigabait 10 da shagon ya saba ci a rana, sai ga shi gigabait 300 ta ƙare a kwana goma. Lissafi ya hau, mun san ramin da muke nema, kuma mun wanke kamfanin sadarwa, tunda rautarmu da kanta ta shaida cewa datar ta bi ta cikinta.

Yanzu sai a duba su wane ne a kan layin. A shafin rauta akwai jerin na'urorin da ke haɗe, mai suna `Connected devices` ko `DHCP clients` ko makamancin haka. Mai shago ya buɗe da rana, ya ga goma sha ɗaya maimakon tara. A nan ne mutane ke yin gaggawa. Kowace na'ura tana da lambar shaida da ake kira adireshin MAC, haruffa da lambobi goma sha biyu, kuma shida na farko suna nuna kamfanin da ya ƙera ta, domin hukumar IEEE ce ke raba su ga kamfanoni. A da wannan ya wadatar wajen gane na'ura. Amma tun daga Android 10 a 2019 da iOS 14 a 2020, wayoyi suna ƙirƙirar adireshin bogi ga kowane wayifai da suka shiga, don kada a riƙa bin sawun masu su. Waya ɗaya tana iya fitowa sau biyu a jerin, musamman idan rautar na da suna biyu, ɗaya na zangon gigahaz 2.4, ɗaya na gigahaz 5. Ga dabarar ganewa: ku dubi harafi na biyu a adireshin. Idan 2 ne, ko 6, ko A, ko E, to ƙirƙirarre ne, kuma neman sunan kamfani da shi ɓata lokaci ne.

```
DA:41:7C:09:B2:5E
```

Wannan na sama harafinsa na biyu A ne, don haka kusan tabbas waya ce ko kwamfutar hannu da ke ɓoye lambarta ta asali. Ba ya nuna cewa ɓarawo ne. Hanyar tantancewa ita ce ta gargajiya: kowa ya kashe wayifai a wayarsa, a sabunta shafin, a ga wanda ya rage. Wasu rautocin suna ci gaba da nuna na'urar da ta riga ta tafi har sai wa'adin adireshin da suka ara mata ya cika, wanda yakan kai yini guda, don haka a nemi jerin waɗanda ke haɗe a yanzu, ba jerin duk wanda ya taɓa shiga ba. A shagonmu, ɗaya daga cikin biyun wayar mai shago ce ta fito sau biyu. Ɗayar kuwa ta ci gaba da zama bayan kowa ya kashe tasa, kuma ƙarfin siginarta ya yi ƙasa sosai, alamar tana nesa, a waje ko a shagon gaba. Wannan baƙo ne na gaske.

Ta yaya ya shigo? Mafi yawan lokaci babu wani kutse. An taɓa ba wani kwastoma kalmar sirri, shi kuma wayarsa tana iya fitar da ita a matsayin lambar QR ga duk wanda ya roƙa. Akwai kuma tsohuwar ƙofa mai suna WPS, wadda aka yi don sauƙaƙa haɗi da lamba takwas. A ƙarshen 2011 wani mai bincike, Stefan Viehböck, ya nuna cewa rauta tana tantance lambar ne rabi-rabi, don haka gwaji kusan 11,000 ya isa a gano ta. Tsofaffin rautoci da yawa har yau suna da wannan ƙofa a buɗe. Maganin baƙo gajere ne: a kashe WPS, a tabbatar tsarin kulle WPA2 ne ko WPA3, a sa sabuwar kalmar sirri doguwa, kwastomomi kuma a buɗe musu layin baƙi na daban idan rautar na da shi. Toshe shi ta adireshin MAC ba ya daɗewa, tunda wayarsa za ta iya sake ƙirƙiro wani.

To a nan ne tarkon yake. Mai shago ya kama baƙo, ransa ya yi fari, yana ganin ya gama. Amma ku tuna gwajin dare. Baƙo mutum ne, yana barci, yana tafiya gida, kuma shansa na shigowa ne. Ba shi ne ya fitar da gigabait 4.3 tsakanin tara na dare da bakwai na safe ba. Idan aka canza kalmar sirri aka sake gwajin dare, lambobin suka dawo kusan yadda suke, an tabbatar matsalar a cikin gida take.

Ba sai an jira wani daren ba kafin a gano wace na'ura ce. Yawancin rautoci suna nuna saurin shiga da fita na wannan lokacin. A tsayar da aiki na rabin awa, a bar shafin a buɗe a waya ɗaya, sannan a riƙa cire na'urori ɗaya bayan ɗaya, ana ba kowace minti biyar. An cire firinta, babu canji. An cire akwatin kyamara, babu canji. An zare kebul ɗin intanet na kwamfutar mai shago, sai fitar ta faɗi daga kusan megabit 1 zuwa kusan sifili. An mayar, bayan 'yan mintoci ta sake hawa. Na fi son wannan hanya a kan kowace manhajar bincike, kuma dalilina shi ne muguwar manhaja mai wayo tana iya ɓoye kanta daga kayan binciken da ke cikin kwamfutar da ta shiga, amma ba za ta iya ɓoye datar da ta ratsa ta rauta ba. Shaidar rauta ta fi shaidar kwamfutar da ake tuhuma.

Sai a shiga cikin kwamfutar. A Windows, a danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta `resmon`, a buɗe shafin `Network`. Zai jero kowace manhaja da ke amfani da intanet, tare da ginshiƙin `Send (B/sec)` na fita da `Receive (B/sec)` na shiga. A rufe burauza da duk abin da aka sani, a danna kan `Send` don mai yawa ya hau sama. A misalinmu wani abu mai suna `svc_helper.exe` yana fitar da bait kusan 120,000 a daƙiƙa, yana shigo da kwatankwacinsa. Bait 120,000 sau takwas ya kusa megabit 1, daidai da abin da rauta ta nuna. Don a ga da wa yake magana, a buɗe `cmd` a rubuta:

```
netstat -ano | findstr ESTABLISHED
tasklist /fi "PID eq 4312"
```

Umarnin farko yana jero duk haɗin da ke buɗe, kuma lambar ƙarshen kowane layi ita ce lambar aikin da ya buɗe shi. Na biyun yana faɗin sunan mai wannan lamba. Abin da za a gani ya yi kama da haka:

```
TCP  192.168.0.104:50712  203.0.113.40:443   ESTABLISHED  4312
TCP  192.168.0.104:50790  198.51.100.7:443   ESTABLISHED  4312
TCP  192.168.0.104:50811  198.51.100.92:80   ESTABLISHED  4312
```

Ku lura da siffar, ba lambobin ba. Akwai haɗi ɗaya da ba ya yankewa ko an sake umarnin sau goma, sannan akwai wasu da yawa da ke zuwa suna tafiya, kowane lokaci da sabon adireshi. Wanda ba ya yankewa shi ne igiyar da ke tsakanin manhajar da ubangidanta. Sauran su ne wuraren da ake aiken ta. Daga nan a buɗe `Task Manager`, a danna sunan da maɓallin dama, a zaɓi `Open file location`. Idan ya kai ku wani lungu a cikin `AppData` ko `Temp`, ba tare da sunan kamfanin da ya sa hannu a kansa ba, zargi ya ƙara ƙarfi. Suna kaɗai ba hujja ba ne. `svchost.exe` na gaskiya a `C:\Windows\System32` ko `C:\Windows\SysWOW64` yake zaune, kuma yakan fito sau da yawa a jeri ba tare da wata matsala ba, amma `svchost.exe` da aka samu a wani wuri, ko `scvhost.exe` da aka juya harafi, ba na Windows ba ne.

Mene ne wannan 'yar aike, kuma wa ke biyan ta? Akwai kasuwa babba ta sayar da adireshin intanet na gidajen mutane. Mai son ya yi zamba da katin banki, ko ya buɗe asusun ƙarya, ko ya gwada kalmomin sirrin da aka sato, ba ya so a ga ainihin inda yake. Sai ya biya kuɗi a bi da shi ta kwamfutar wani bawan Allah, duk abin da ya aikata ya fito da adireshin wannan mutumin. A watan Mayu na 2024 ma'aikatar shari'a ta Amurka ta sanar da rusa wata irin wannan hanya mai suna 911 S5, aka kama wani ɗan China, YunHe Wang, a Singafo. Hukumomin sun ce hanyar ta shafi adireshin intanet fiye da miliyan 19 a ƙasashe kusan 200, kuma ta fara aiki tun 2014. Yadda aka shigar da ita kwamfutocin mutane shi ne abin da ya shafe mu: ta manhajojin VPN na kyauta, irin su MaskVPN, DewVPN da PaladinVPN, da kuma ta cikin manhajoji da wasannin sata da ake saukewa ba a biya ba. Mutum ya sa VPN don ya ɓoye kansa, ashe shi aka mayar mayafin wani. Kuma mun san yadda VPN na kyauta ya yaɗu a Najeriya lokacin da aka dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, da kuma yadda ake yawo da fasassun manhajoji a filasha daga shago zuwa shago. Ban ce kowane VPN na kyauta haka yake ba, amma idan mai fita da mai shiga sun daidaita, tambayar farko da nake yi ita ce, "Me aka saka a kwamfutar nan a makonnin da matsalar ta fara?"

Wani zai ce ai rauta tana da katangar tsaro, yaya aka yi na waje ke shigowa? Ba shigowa yake yi ba. Rauta tana hana wanda ya ƙwanƙwasa daga waje, amma tana barin duk wanda ke ciki ya fita. Manhajar ce ke fita da kanta ta kama ubangidanta, ta riƙe wannan igiya, aike kuma ya riƙa biyowa ta cikinta. A idon rauta, wannan ba shi da bambanci da burauzar da ta buɗe shafi.

Akwai wasu alamomi na gefe da ke rakiyar wannan. Shafuka sukan fara yawan tambayarku ku tabbatar ku mutane ne, ku zaɓi hotunan motoci ko fitilun hanya, saboda adireshinku ya yi ƙaurin suna. Sai dai ga mai amfani da sim wannan alama ba ta da nauyi sosai, domin kamfanonin salula suna haɗa kwastomomi masu yawa a bayan adireshi ɗaya, laifin wani sai ya shafe ku. Ga mai layin faiba da ke da adireshinsa shi kaɗai, ta fi ma'ana. Wata alamar ita ce kiran murya ya riƙa yankewa alhali gwajin sauri yana nuna saukewa lafiya lau. Hanyar fita ta fi ta shiga ƙunci a yawancin layuka, kuma idan ta cika, komai sai ya tsaya layi. Ana gani da wannan umarni:

```
ping -t 8.8.8.8
```

Idan lokacin amsa ya saba zama a milidaƙiƙa 60, sai ya riƙa tsalle zuwa 600 ko 900 ba tare da kowa na aiki ba, kuma ya sauko da zarar an cire wata na'ura, to ita ce ke cika hanyar fita. Ita kuwa kwamfutar da ke zafi, fankarta na ihu ba a aikin komai, wannan ya fi kama da manhajar haƙar kuɗin kirifto. Tana cin wuta da ƙarfin kwamfuta, amma datar da take ci kaɗan ce ƙwarai, don haka ba ita za ta ƙarar muku da gigabait 300 ba.

Da a ce akwatin kyamara ne ya faɗo da lambar lokacin da aka cire shi, da labarin ya canza. Ba za ku iya buɗe `resmon` a cikinsa ba, ba shi da rigakafin bairos, kuma da yawa ana barin su da kalmar sirrin da suka zo da ita daga masana'anta. Irin waɗannan na'urori ne Mirai ta mamaye a 2016. Tana yawo a intanet tana ƙwanƙwasa ƙofar telnet mai lamba 23 da 2323, tana gwada sunaye da kalmomin sirri kusan 60 da aka san masana'antu na sakawa, irin su `admin` da `admin`. Na'urori dubu ɗaruruwa suka faɗa hannunta. Da su aka kai wa kamfanin Dyn hari ranar 21 ga Oktoban 2016, har Twitter da Netflix suka gagara buɗuwa ga mutane da yawa a Amurka. A nan Afirka ta Yamma ma, an yi amfani da wani reshenta a kan kamfanin sadarwa na Lonestar a Laberiya, kuma kotu a Landan ta ɗaure wani ɗan Birtaniya, Daniel Kaye, a Janairun 2019 saboda wannan. Salon shan irin wannan na'ura daban yake da na 'yar aike: ƙaramar fita mai ci gaba yayin da take neman wasu na'urorin da za ta harba, sannan lokaci-lokaci fita mai tsanani ta 'yan mintoci ko awanni da ke kashe intanet ɗin gidan gaba ɗaya, ba tare da shigowa mai kama da ita ba. Mirai a ƙwaƙwalwar wucin gadi take zama, don haka kashe na'urar a kunna yana kore ta. Wannan ne ke yaudarar mutane, su ce "na kashe na kunna ya gyaru", alhali idan ba a canza kalmar sirri an rufe ƙofar ba, tana iya dawowa cikin mintoci. Kafin ku tuhumi kyamara dai, ku tambayi mai shago ko yana kallon ta daga gida ta wayarsa. Kyamara ɗaya mai hoto mai kyau tana iya fitar da megabit 1 zuwa 2 duk lokacin da ake kallo, kuma wannan halal ne.

Tunda na ambaci na halal, akwai ɗaya da ya cancanci a san shi da suna. Windows tana da tsari mai suna `Delivery Optimization`, wanda ke ba kwamfuta damar raba fayil ɗin sabuntawa ga wasu kwamfutoci, na cikin gida, har da na intanet idan an zaɓi haka. Yana iya haifar da fita da ba ku yi tsammani ba. Ana kashe shi a `Settings`, ƙarƙashin `Windows Update`. Haka kuma Windows ba ta san cewa wayifai ɗinku daga sim yake ba, tana ɗaukarsa layi marar iyaka, sai kun kunna mata `Metered connection` kafin ta rage hannu. Manhajar toren da aka manta a buɗe ita ma tana ci gaba da rarraba fim ga duniya bayan an gama saukewa. Duk waɗannan suna fitowa da sunansu na gaskiya a `resmon`, kuma suna tsayawa idan an tsayar da su. Wanda kuka kashe ya sake tashi da kansa, ko ya ɓace da zarar kun buɗe `Task Manager` ya dawo bayan kun rufe, shi ne abin tsoro.

Mu ƙarasa da kwamfutar mai shago. A fara da zare ta daga layi. A cire manhajar da ta kawo matsalar, a yi cikakken bincike da `Microsoft Defender Offline scan`, wanda ke sake kunna kwamfutar ya yi aikinsa kafin Windows ta gama tashi, lokacin da muguwar manhaja ba ta samu damar ɓuya ba. Ra'ayina dai, kwamfutar da ake shiga asusun banki ko ake cike wa mutane fom ɗin jarrabawa da ita, idan an tabbatar an mallake ta, gara a kwashe takardun aiki kawai a goge ta a sake saka Windows mai tsabta. Wanda ya iya saka 'yar aike ya iya saka mai naɗar abin da ake bugawa a allon rubutu, kuma wannan datarsa ƙanƙanuwa ce, ba za ta bayyana a gwajin dare ba. Saboda haka a canza kalmomin sirrin imel da na banki daga wata na'urar daban, ba daga wadda ake zargi ba. A canza kalmar shiga shafin rauta ita ma, wadda ta bambanta da ta wayifai, kuma yawanci tana nan a `admin` tun ranar da aka sayo ta. Yayin da kuke ciki, ku duba adireshin DNS ko wani ya sauya shi, ku kashe `Remote management` da `UPnP` idan ba ku buƙatar su.

Bayan duk wannan, a sake gwajin dare, ƙarfe 9 zuwa ƙarfe 7, da na'urorin duka a haɗe kamar yadda aka saba. Ba za ku ga sifili ba, domin wayoyi da kwamfutoci suna ɗan tuntuɓar sabobinsu ko ba a taɓa su ba. A shago irin wannan, 'yan megabait goma-goma zuwa ɗari ko biyu ba abin damuwa ba ne, in dai ba daren sabuntawa ba ne. A maimaita dare biyu ko uku, saboda 'yar aike ba kullum ake aiken ta ba, tana iya yin shiru yau ta tashi jibi. Lambar da kuka samu a waɗannan darare ku rubuta ta a jikin littafin shago tare da jerin na'urori tara da adireshinsu, don ranar da data ta sake gudu ku sami abin da za ku gwada da shi.

Shugaba, a nan zan dakata don a samu lokacin tambayoyi. Wanda ya zo da kwamfutarsa, ya buɗe `resmon` yanzu mu duba tare.